Ƙarfe Takwas Ga Kowa? Yadda Ake Tsara Lokacin Ganawa a Ranar Ɗaukar Ma'aikata

Saƙon gayyatar da yawancin masu neman aiki suke samu a waya kusan iri ɗaya ne: a zo wuri kaza ran Talata da ƙarfe 8 na safe, a taho da takardu na asali da kwafinsu. Mutum ɗari aka tura wa ko ɗari uku, lokacin da aka ba su ɗaya ne. Ofishin da ya tura saƙon yana ganin ya sauƙaƙa wa kansa, tunda duk wanda aka kira za a same shi a tsakar gida. Abin da ba a lissafa ba shi ne, wanda za a gani da ƙarfe 3:40 na yamma ya shafe awa bakwai da minti 40 a zaune ko a tsaye, wataƙila bai karya ba, rigar da ya goge ta jiƙe da gumi, sannan a auna shi da wanda ya shiga ƙarfe 9 da kuzarinsa. Wannan ba adalci ba ne, kuma ma'aikatar ma tana asara, domin gajiyar mutum take aunawa a madadin iyawarsa.

Mun ga inda tara jama'a a lokaci guda yake kaiwa idan abin ya yi girma. Ranar 15 ga Maris 2014, Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta tara dubun dubatar matasa a filayen wasa domin jarrabawar ɗaukar aiki, alhali guraben ba su kai 5,000 ba, aka yi turereniya a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasu. Ganawar da muke magana a kai ba ta kai wannan girma ba, amma tushen matsalar ɗaya ne. Kuma maganinta ba baƙo ba ne a wurinmu: tun da hukumar JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta, kowane ɗalibi yana buga takardar da ke ɗauke da ranarsa da cibiyarsa da lokacinsa, ana shiga rukuni-rukuni. Abin da ya yiwu ga ɗalibai fiye da miliyan ɗaya ba zai gagari ofishin da ya gayyaci mutum ɗari ba.

Ranar nan mutum nawa za ta ɗauka?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata babbar makarantar sakandare mai rassa tana neman malamai, an tace takardu, saura mutum 96 da za a yi wa intabiyu a rana ɗaya. An kafa kwamiti huɗu, kowanne mutum uku.

Aikin farko ba rubuta sunaye ba ne. Sai an fara sanin minti nawa mutum ɗaya zai ci. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin ana lissafa lokacin tambaya da amsa kawai. Idan kwamiti yana son minti 15 da kowane mutum, to a ƙara minti 5: ya fita, 'yan kwamiti su rubuta makinsu tun abin yana sabo a ransu, a ɗauko fayil na gaba, a shigo da wani, a gaisa, ya zauna. Saboda haka kowane mutum minti 20 yake ci, wato kwamiti ɗaya yana ganin mutum uku a awa.

Sai a duba ranar. Ba daga 8 zuwa 4 ake ganawa ba, ko da haka aka rubuta a takarda. A fara ƙarfe 9 zuwa 11, mutum shida ke nan. A huta minti 20. Daga 11:20 zuwa 1:20, wasu shida. A tashi sallar azahar da cin abinci na awa ɗaya. Daga 2:20 zuwa ƙarfe 4, lokacin la'asar, mutum biyar. Jimla 17 ga kowane kwamiti, idan komai ya tafi daidai, abin da ba ya faruwa. Don haka sai a bar gurbi ɗaya babu kowa, na ƙarfe 1, domin ya shanye jinkirin safiya. Saura 16.

Kwamiti huɗu sau 16 ya ba da 64. Mutum 32 ba su da wuri. Gara a gano haka mako biyu kafin ranar, a kan takarda, da a gano shi da ƙarfe 5 na yamma mutane suna tsakar gida. Hanyoyin gyara uku ne. A raba aikin kwana biyu, ko a ƙara kwamitoci, ko a rage lokacin kowane mutum. Ta ukun ita ce ofisoshi suka fi faɗawa ciki ba tare da sun zaɓe ta ba: na safe ya samu rabin awa ana hira da shi har da labarin makarantar da ya yi, na yamma a sallame shi cikin minti huɗu. Ko da an raba daidai, minti 340 ne duka ranar, idan aka raba wa mutum 24 kowa zai samu minti 14, a cire biyar na rubuta maki, saura tara. Ba na jin minti tara sun isa a gane malamin da za a damƙa wa yara shekara da shekaru. Makarantarmu ta zaɓi ta biyu: kwamiti shida, kowanne mutum 16, 96 cif. Farashin wannan zaɓi shi ne samo mutum 18 da za su zauna, da ɗaki shida. Idan babu su, kwana biyu ya fi.

Akwai wani tarko a cikin wannan "cif" ɗin. Kwamitoci ba ɗaya suke ba, domin malamin lissafi ba zai auna mai neman koyar da Larabci ba. A ce cikin 96 ɗin, 40 na kimiyya da lissafi ne, 32 na harsuna, 24 na sauran darussa. Harsuna sun cika kwamiti biyu daidai. Kimiyya tana buƙatar biyu da rabi, sauran darussa ɗaya da rabi. Idan kowane fanni ya nace sai nasa, kwamiti bakwai ake nema. Mafita ita ce kwamiti na shida ya zama na haɗaka: ya ga mutum takwas na kimiyya daga ƙarfe 9 zuwa 12, sannan masanin kimiyyar ya tashi, masanin ɗayan fannin ya zauna, su ga takwas ɗin da suka rage. Shugaba da sakatare ba su canzawa. Dole ne a rubuta wannan canji a jadawali da lokacinsa, kuma a tabbatar ba a sa mutum ɗaya a kwamiti biyu a lokaci guda ba. Abin kamar ba sai an faɗa ba, amma ana yawan rubuta sunan shugaban makaranta ko babban darakta a kowane kwamiti don girmamawa, sai ɗakuna biyar su zauna jiran mutumin da ke ɗaki na shida.

Teburin da ake mantawa da shi

Kafin mutum ya shiga gaban kwamiti, sai an tantance takardunsa: shaidar kammala karatu, ta bautar ƙasa, ta haihuwa, ta asalin ƙaramar hukuma, rajistar hukumar malamai, a gwada kowace da kwafinta, a duba ko sunan ya zo ɗaya a dukansu. Idan aka yi shi da gaske, minti shida ne ga mutum ɗaya. Akawu ɗaya zai gama mutum goma a awa.

Kwamitoci shida kuwa mutum 18 suke ɗauka a awa. Ga inda ranar take lalacewa ke nan. Akawu ɗaya zai buƙaci minti 576, wato awa tara da minti 36, kafin ya gama da mutum 96. Duk ƙoƙarin da aka yi na samo manyan mutane 18 ya tashi a banza, domin saurin ranar ya koma saurin tebur guda. Kamar mazurari ne: komai faɗin bakinsa, abin da wuyansa ya bari shi ke wucewa. Alamar wannan matsala a bayyane take. Idan ka ga 'yan kwamiti sun fito baranda suna hira ko duba waya, ga kuma tsakar gida cike da masu jira, kada ka je ɗakin ganawa neman dalili, je teburin takardu.

Tebur biyu suna gama mutum 20 a awa, sun ɗara 18 da kaɗan. Amma mutum ɗaya da aka rubuta sunansa Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, zai iya cinye minti 15 ana kai-komo. Don haka uku ya fi kwanciyar hankali, na ukun ya zama na masu matsala: duk wanda takardarsa ta kawo tambaya a miƙa shi can, layi ya ci gaba. Mafi kyau ma shi ne a karɓi kwafin takardu tun lokacin neman aikin, a duba su kafin ranar, ranar ganawa sai a gwada da na asali kawai.

Kira rukuni-rukuni

To, yaushe za a ce kowa ya zo? Za a iya ba kowane mutum mintinsa, a ce kai 10:40 ne. A takarda yana da kyau, amma mutum ɗaya ya makara a cunkoson mota, kwamiti ya zauna minti 20 hannu rabbana. Tsakanin wannan da kiran kowa ƙarfe 8 akwai matsakaiciyar hanya, ita ce kiran mutanen awa ɗaya tare.

A misalinmu rukuni shida ne. Na farko, mutum 18, su iso 8:20, a gan su tsakanin 9 da 10. Na biyu, 18, su iso 9:20. Na uku, 18, su iso 10:40 domin zaman da zai fara 11:20. Na huɗu mutum 12 ne kawai, su iso 11:40, saboda gurbin ƙarfe 1 da aka bari. Na biyar, 18, su iso 1:40, na shida kuma 12, su iso 2:40. Kowane rukuni yana isowa minti 40 kafin a fara ganinsa, wanda ya ishi tebura su gama da mutum shida na farko har da saura. Sai dai rukuni na biyar yana isowa ne ana tsakiyar hutu, don haka akawuna su tashi salla da abinci bi da bi, kada a rufe tebur gaba ɗaya.

A duba bambancin. Idan kowa ya zo ƙarfe 8, matsakaicin jira ya haura awa huɗu. Da wannan tsari, wanda ya fi kowa daɗewa zai jira awa ɗaya da minti 20, matsakaici kuwa kusan awa ɗaya. Masu jira a lokaci guda ba za su wuce 24 da yawa ba, wato kujera 30 a inuwa sun isa, banɗaki ba zai cunkushe ba, mai gadi ba sai ya ɗauki bulala ba. Kuma kwamitoci ba su rasa ko minti ɗaya ba.

Dalilin da ya sa ba su rasa ba tsohon darasi ne daga asibiti. A 1952 wani masanin ƙididdiga ɗan Birtaniya, Norman Bailey, ya yi nazarin layin marasa lafiya da ke jiran likita, ya ba da shawarar a kira mutum biyu a farkon zama, sauran kuma ɗaya bayan ɗaya gwargwadon lokacin da ganin mutum yake ci. Hikimar ita ce a samu mutum ɗaya a ajiye koyaushe, ta yadda rashin zuwan wani ba zai bar likita zaune ba, ba tare da an cika zaure da jama'a ba. A ranar ganawa haka ake yi: a ƙofar kowane ɗaki a sa kujera ɗaya, mai bi ya zauna a kanta da fayil ɗinsa a shirye tun kafin na ciki ya fito. Idan wanda ya kamata ya shiga ƙarfe 9 bai zo ba, na 9:20 ya matso.

Wa zai shiga wane rukuni, gaban wane kwamiti?

Abin da hannu ya fi saurin yi shi ne jera sunaye bisa haruffa. A ƙasarmu wannan yana nufin su Abdullahi da Abubakar da A'isha da Amina kullum su ne na safe, su Usman da Yusuf da Zainab kullum na yamma, a kowace ganawa har tsawon rayuwarsu. Jerawa bisa ƙaramar hukuma ya fi wannan muni, domin sai duk 'yan yanki ɗaya su faɗa hannun kwamiti ɗaya. Kwamitoci kuwa hannunsu ba ɗaya ba ne: wani yana ba da 70 ga amsar da wani zai ba 55. Idan mai tsanani ya samu 'yan yanki guda, zargin son kai zai taso ko da babu shi.

Ƙuri'a ce maganin. A kowane fanni a cakuɗa sunayen, sannan a raba. Mai amfani da Excel sai ya sa `=RAND()` a gefen kowane suna, ya jera sunayen bisa lambobin da suka fito, ya kwafe jerin ya ajiye shi nan take, domin lambobin suna canzawa duk lokacin da aka taɓa shafin. Wanda ba shi da kwamfuta ya rubuta lambobi a ƙananan takardu, a zaro a gaban shaidu biyu. Amfanin ƙuri'a yana fitowa da yamma: tunda an raba mutane ba tare da zaɓi ba, idan matsakaicin makin kwamitin kimiyya na ɗaya ya fito 72, na biyu 58, akwai dalili mai ƙarfi na zaton bambancin daga hannun masu bayarwa yake, sai a zauna a daidaita kafin a haɗa jerin waɗanda suka yi nasara.

Bayan ƙuri'a akwai gyaran da tausayi da hankali suke buƙata. Wanda zai taso daga gari mai nisan awa uku ba a sa shi a rukunin 8:20, ba kuma a sa shi a na ƙarshe, domin ba ma son kowa ya kama hanya da duhu a halin da hanyoyinmu suke ciki. Rukuni na uku da na huɗu su ne nasa. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai lalurar ƙafa a tambaye su lokacin da ya fi musu, kuma a tura su ɗakin da ke ƙasa. Ana canza musu lokaci ne kawai, kwamitin da ƙuri'a ta ba su yana nan, ɗakin ake sauyawa idan ya kama. Idan ranar Juma'a ce, a ɗauka rabin rana ake da ita. A watan azumi kuma zaman yamma yana wahalar da mai tambaya da mai amsa baki ɗaya, gara a gama kafin azahar a ƙara kwana.

Wasu za su ce ai layi ɗaya ya fi sauri, duk ɗakin da ya buɗe a tura na gaba, kamar banki. Gaskiya ne ya fi sauri. Amma yana ba mai kiran suna ikon tura wanda yake so inda yake so, kuma a harkar ɗaukar aiki wannan ƙofa ce da ya kamata a rufe. A nawa ra'ayin, a tsayar da kwamitin kowa tun kafin ranar, a ba 'yan kwamiti jerin sunayensu da safe. Duk wanda ya ga ɗan'uwansa ko surukinsa ko tsohon yaronsa ya faɗa kafin a fara, jami'in da ke kula da jadawali ya musanya mai neman aikin da wani na rukuni ɗaya, ya rubuta, ya sa hannu.

Idan kowa sai ya bi ɗaki fiye da ɗaya

Wani lokaci ba ganawa ɗaya ake yi ba. A ce mai neman koyarwa sai ya yi hira da kwamiti, ya gwada koyarwa a gaban allo, ya kuma rubuta tsarin darasi. Nan zagaye ake yi, irin wanda makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster a Kanada ta shahara da shi tun farkon shekarun 2000 wajen ɗaukar ɗalibai: ɗakuna a jere, a kaɗa ƙararrawa, kowa ya matsa gaba. Mutum uku su shiga tare, ɗaya ya fara da hira, ɗaya da allo, ɗaya da rubutu, bayan ƙararrawa biyu ta uku ta sallame su duka. Sharaɗinsa shi ne ɗakunan su ci lokaci ɗaya. Idan hira minti 20 ce, gwajin koyarwa kuma 30, to ƙararrawar minti 30 ce ga kowa, zagaye ɗaya awa ɗaya da rabi, mutum uku kacal. Shi ya sa ba a yi wa mutum 96 wannan. A ajiye shi ga goma sha biyu ko ashirin da suka tsallake zagayen farko.

Riƙe agogo

Jadawali yana zamewa ne a hankali. Kwamitin da ke ƙara minti huɗu a kan kowane mutum ba zai ji ya yi laifi ba, amma kafin ya sallami mutum shida na farko ya makara da minti 24, ya cinye hutunsa har ya ɗora, a kan mutum 16 kuwa ƙarin ya kai minti 64. Saboda haka kowane ɗaki yana buƙatar mai riƙe lokaci a ƙofa, wanda zai rubuta lokacin shiga da na fita, ya ƙwanƙwasa idan an kai minti 13. Ƙarfe 10 shi ne ma'auni na farko: ɗakin da bai sallami mutum uku ba a lokacin ya fara zamewa, a yi wa shugabansa magana a hutun ƙarfe 11 cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, muna bayan lokaci da mutum ɗaya." Idan aka bari sai azahar, ba abin da zai gyaru sai gaggauta na yamma.

Jinkirin da ya fi kowanne tsada shi ne na farkon rana. Idan aka tsaya jiran babban baƙo ya yi jawabin buɗe taro har 9:40, kowane ɗaki ya rasa gurbi biyu, mutum 12 ke nan, gurbin ƙarfe 1 kuma shida kawai zai iya mayarwa. A tara 'yan kwamiti 8:15, a yi musu bayanin takardar maki da tambayoyi, a yi addu'a, ƙarfe 9 kowa yana kan kujerarsa. A kuma ware ƙofar fita dabam da wurin jira, a shirya tambayoyi kashi biyu ko uku masu nauyi ɗaya, domin na safe zai kira abokinsa na yamma a waya, kuma babu mai hana shi.

Duk wannan ya dogara ga saƙon gayyata. A tura shi aƙalla mako ɗaya kafin ranar, ɗauke da rana, wuri, lambar mutum, rukuninsa, lokacin isowa, takardun da zai riƙo, da lambar wayar ofis. A nemi ya amsa cewa zai zo, waɗanda ba su amsa ba a kira su kwana biyu kafin ranar, guraben waɗanda suka janye su zama ƙarin sarari. A faɗa a fili cewa wanda ya zo kafin lokacinsa ba za a gan shi da wuri ba, domin mutanenmu sun saba cewa sammako ne ke ba da layi, kuma idan aka yi wa mutum ɗaya alfarma da safe, labari zai bazu, rukuni na shida ma su cika tsakar gida kafin ƙarfe 10. A kuma rubuta hukuncin makara: wanda ya iso bayan an wuce rukuninsa zai jira gurbin ƙarfe 1 idan kwamitinsa bai cinye shi ba, ko gurbin wani da bai zo ba, in babu kuma sai bayan sallar la'asar, a gaban kwamitin da aka ba shi tun farko.